Tayin Barau

Barau ɗan ƙanwata ne, direban haya, kuma tun da ya fara riƙe sitiyari bai taɓa jan motar kansa ba. Kullum ta wani. Ya yi lodi daga Kankara zuwa Faskari, wata rana har Sabuwa, ya sha rana ya sha rami, da yamma ya kai wa mai mota balas ya koma gida da abin cefane. Ni Rabo, kawunsa, hatsi nake saye ina sayarwa, ban san kan mota ba sai dai a ɗora mani buhuna a kai mani kasuwa. Amma na san yaron, na kuma san abin da ke cin ransa.

Bara, bayan an gama girbi, mai motar da yake ja ya kira shi ya ce ƙarshen wata ya kawo makulli, ɗansa ya gama koyon tuƙi. Ba faɗa, ba zagi. Barau ya zo rumfata ya zauna kan buhun dawa, na dube shi na ce,

“Kai, lafiya? Ka zauna mani kan kaya kamar wanda aka aiko da saƙon mutuwa.”

Ya faɗa mani. Ya ce ya daɗe yana tari, ya sayar da shanun huɗarsa, matarsa ta ƙara mashi da nata na adashe, abin da ke hannunsa ya kai miliyan biyu da dubu ɗari tara. In ya samu mota mai lafiya kafin wata ya ƙare, layinsa na tasha yana nan. In bai samu ba, sai dai ya koma neman wanda zai ba shi aron tuƙi.

Nan na tuna da Alhaji Abdulgafar na Sabuwa. Tsohon malamin gona ne, ya yi ritaya, mun daɗe muna hulɗa, masararsa ni nake ɗauka duk shekara. Yana da wata doguwar mota mai faɗin but, wato mazubin kaya na baya, irin wadda direbobi ke so saboda kaya, kuma na ji ya ce zai rabu da ita don idonsa ya fara rauni. Kowa a Sabuwa ya san motar nan. Dattijon ya fi kula da ita fiye da yadda wasu ke kula da iyalinsu, wallahi. Ba ya ba da aro, ba ya ɗaukar taki a ciki, in ya dawo daga unguwa sai ya lulluɓe ta da tamfol. Na kira shi, ya ce ba ya son dillali, mu zo mu gani da idonmu. Kuɗin da ya sa mata miliyan uku da dubu ɗari uku.

Barau ba sakarai ba ne, wannan ina son a sani. Bai tashi ya tafi da kuɗi a aljihu kamar mai zuwa sayen rago ba. Kwana da kwanaki yana kan waya yana duba tallan motoci, yana ware irinta sak: ƙira ɗaya, shekara ɗaya, giyar hannu, kuma wadda aka yi amfani da ita a nan gida, ba wadda aka shigo da ita kwanan nan ba. Ya nuna mani guda uku. Ɗaya a Kaduna miliyan uku cif, ɗaya a Zariya miliyan biyu da ɗari tara, ɗaya a Kano ƙasa da haka kaɗan.

“Kawu, kuma wannan kuɗin talla ne,” in ji shi. “Duk wanda ya rubuta ya bar wurin ragi. In ka je da gaske sai an sauko.”

“To ka tafi Kadunan mana.”

“Waɗannan ban san hannun da suka fito ba. Ta Alhaji an san ta. Ita nake so, kuɗin ne ya yi sama.”

Ya kuma nemi makaniken da ya yarda da shi, Malam Abdulganiyu na Faskari, mutum mai ƙarancin magana da yawan goro. Shi ya ce a roƙi Alhaji kada a tayar da motar ranar sai mun iso, don injin da ya kwana ya huce shi ke faɗin gaskiya. Na isar da saƙon. Alhaji ya yi dariya a waya ya ce, “Yaran zamani! To, ba za a taɓa ta ba.”

Muka fita da sassafe, don hanyar nan tamu ba a wasa da ita in rana ta yi sanyi. Muka ɗauki makanike a Faskari, muka isa Sabuwa da hantsi. Ƙofar gidan Alhaji akwai bishiyar darbejiya, ƙarƙashinta tabarmi, kan tabarmin dattawan unguwa, abokan zamansa, har da limamin masallacinsu. Ɗansa Nasir, magidanci mai shagon magani, shi ya kawo mana ruwa ya yaye tamfol.

Kai, motar ta yi kyau. Na ga idon Barau, na san ya riga ya sa ta a layi cikin zuciyarsa.

Alhaji ya miƙa makulli da takardu, ya ce, “Ku duba son ranku. Ni dai abin da na sani, tun da na saye ta ba ta taɓa ko gogar bango ba. Liman ga shi nan, shaida ne.” Liman ya gyaɗa kai, sauran suka ce haka ne.

Malam Abdulganiyu ya fara aikinsa. Ya taɓa injin da bayan hannu ya ji sanyi, ya zaro sandar baƙin mai ya duba, ya buɗe lagireto ya leƙa ruwan. Ya gwada lambar jikin mota da ta takarda, ya karanta takardar kwastan. Sannan ya sa Barau ya tayar, shi kuma ya tsuguna bayan salansa yana kallon hayaƙi. Bugu ɗaya ta tashi, ba baƙi ba shuɗi. Suka fita da ita suka zaga, suka dawo. Ya danna kowace kusurwa da ƙarfinsa ya saki, ya shafa tayoyi. A tayar gaba ta dama ya daɗe. Ya ciro wani ɗan maganaɗisu daga aljihu yana bin jikin motar da shi, yana mannawa yana cirewa, har ya zo kan fikafikin dama, wato murfin da ke saman tayar gaba, nan maganaɗisun ya ƙi kamawa. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi da tocila.

Da ya fito sai ya yafuto mu gefe, can bakin kwata, ya rage murya.

“Inji lafiya lau, giya lafiya, takardu sun yi daidai. Kuloci ya kusa, shokozoba na baya sun mutu, tayoyin gaba biyu sai an sake. Wannan duk gyaran dubu ɗari uku ne da ɗan wani abu.” Ya tauna goro. “Amma motar ta taɓa buguwa. Gaba, hannun dama. An cike lotsawar da fila, ƙullin nan da maganaɗisu ba ya kamawa, an yi fenti, ƙarfen ciki an miƙe shi an yi walda. Shi ya sa take cin tayar nan ta gefe guda.”

“Za ta yi haya?” Barau ya tambaya.

“Za ta yi, aikin mai kyau ne, in an saita ƙafa za ta daɗe. Sai dai ba kuɗin wadda ba ta taɓa buguwa ba. Ni da ni ne, miliyan biyu da rabi zan taya, in tsaya a biyu da ɗari bakwai.” Ya dubi tabarmin dattawa, ya dubi Barau. “Amma ka ja Alhaji zaure. Kai da shi da kawunka.”

Na ce haka za a yi. Ai ko jaki za ka saya, ba ka faɗin aibinsa gaban abokan mai shi. Ka keɓe da mutum, ka yabi abin da ya cancanci yabo, ka ce ga abin da muka gani, ko kun san da shi? Ka bar mashi ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Haka muka taso muka ga ana yi.

Barau ya ce to. Amma na ga hancinsa yana buɗewa yana rufewa, irin na uwarsa in ranta ya ɓaci.

“Kawu, ka ji fa abin da ya ce. Ko gogar bango. Har da sa Liman shaida.”

“Na ji. Ka bar mani bakin, ni zan buɗe.”

Ana haka sai aka aiko daga cikin gida, Hajiya matar Alhaji ta ji na zo, in shiga mu gaisa. Ba a ƙin wannan. Na ce wa Barau ya jira ni, na shiga, muka gaisa, ta tambayi mutanen Kankara ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ta saba. Ina fitowa zaure na jiyo muryar yaron nan a waje, ta yi sama.

Ashe ina shiga, ɗaya daga cikin dattawan ya tsokane shi. Wai, “Samari, an gama leƙe-leƙen? Ai da kun tambaye mu da mun hutar da ku. Irin wagga mota ba a ciniki, biya ake a yi godiya.” Aka yi dariya. Shi ke nan, Barau ya hau.

Na tarar da shi tsaye, dattawa na zaune. Tsaye! Waya a hannu, yana juya ta yana nuna wa kowa.

“Ga ta nan a Kaduna, miliyan uku. Ga ta Zariya, biyu da ɗari tara. Shekara ɗaya, ƙira ɗaya. Kuma kuɗin talla ne, ba na sallamawa ba. To Baba, da mi taku ta fi su har da ɗari uku?”

Alhaji bai ji haushi ba tukuna. Ya karɓi wayar ya kai ta kusa da ido, ya ce, “Waɗannan ka san wanda ya hau su? Tawa hannu ɗaya ce.”

Amsa ce mai kyau, kuma nan ne wurin da ake zama a daidaita. Na yi gyaran murya, na ce, “Alhaji, ko za mu ɗan shiga daga ciki?” Ina! Yaro bai ma ji ni ba.

“Hannu ɗaya, amma kuloci ya ƙare. Shokozoba sun mutu. Tayoyin gaba sai sabbi. Dubu ɗari uku ke nan kafin in ɗauki fasinja ko ɗaya.”

“Wannan gaskiya ne,” in ji Alhaji. “Na san da kulocin, da zan faɗa maka. A cire kuɗin gyara, ban ƙi ba.”

Kun ji fa. Dattijo da bakinsa ya sauko zuwa miliyan uku, ba a ko zauna ba. Na taka ƙafar Barau har sai da na ji ƙashi. Ya janye ƙafarsa ya ci gaba.

“Sai haɗarin da ta yi.”



“Wane haɗari?” in ji Alhaji.

“Wanda aka ce ba ta yi ba.”

Barau ya fizgi maganaɗisun daga hannun makanike, ya manna a ƙofa ya kama, ya manna a fikafikin dama ya faɗo ƙasa. Ya ɗauka ya sake, ya sake faɗowa. Ya ja robar gilashi ya nuna inda fenti ya hau kanta. Ya ce duk mai shakka ga buhu nan ga tocila, ya shiga ya ga walda.

“Saboda haka ni miliyan biyu da rabi na saya, Baba. Kuma don Kawu ne.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba. Na so ƙasa ta buɗe in shige.

Alhaji ya tashi da ƙyar, ya je ya shafa wurin da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya saurari bambancin. Ya dubi Malam Abdulganiyu ya ce, “Malam, tsakaninka da Allah?” Makanike ya sunkuyar da kai ya ce, “Haka ne, Alhaji. Ya kai shekara biyu ko fi.”

Dattijon ya tsaya yana lissafi a ransa, muna kallo. Sannan a hankali ya juya wajen ɗansa. Nasir na tsaye riƙe da tamfol, fuskarsa ta gama ba da amsa tun kafin a tambaye shi.

“Lokacin da nike Umara?”

Nasir ya durƙusa. Ya ce matarsa ce naƙuda ta kama, ya ɗauki motar ba izini, a hanya ya kauce wa saniya ya daki kwalbati. Ya kai ta Funtuwa aka gyara kafin Alhaji ya dawo, ya biya da kuɗinsa, ya kasa faɗa. Magidanci mai 'ya'ya, durƙushe a ƙasa gaban unguwa, yana ba da haƙuri. Liman ya kau da kai. Wanda ya yi tsokanar ya shiga neman takalminsa.

Ashe mutumin nan bai yi ƙarya ba. Bai sani ba ne, kuma ga yadda aka sanar da shi.

Alhaji ya ce wa ɗansa, “Tashi, rufe ta.” Ya juyo wajen Barau, ba faɗa ba tsawa, ya ce,

“Albarka.”

Na ce, “Alhaji, don Allah...”

“Malam Rabo, ku kama hanya tun da sauran rana. A gaida gida.”

Muka shiga mota muka kama hanya har muka wuce Dandume. Can Barau ya ce, shi fa gaskiya ya faɗa. Na ce, “Rufe mani baki! Wa ya ce ƙarya ka yi? An ce ka ja shi zaure, ka tsaya kan dattawa kana wasa da ƙarfe kamar mai tallan magani a kasuwa!” Na zage shi tas, ban rage ba. Malam Abdulganiyu dai goronsa yake ci. Da za mu sauke shi ya ce, “Motar tana da kyau fa,” ya tafi.

Kwanakin da suka biyo baya Barau ya bi tallan nan nasa. Ta Zariya ya kira aka ce an sayar tuni, hoton ne ba a cire ba. Ta Kano ba takardar kwastan. Ta Kaduna ya je da makanike, kuɗin mota da na abinci duk a kansa, suka tarar injin na hayaƙi shuɗi, ƙasanta ya ci tsatsa. Ya dawo jiki a sanyaye. Wata kuma yana ta tafiya.

Ran nan ya zo rumfa ya ce, “Kawu, ka raka ni in ba Alhaji haƙuri. Duk abin da ke hannuna zan ba shi, biyu da ɗari taran. Gyaran in yi a hankali.”

Raina bai so ba, amma ɗan ƙanwata ne. Muka sayi goro mai kyau muka koma.

Wannan karon a zaure Alhaji ya karɓe mu, mu uku. Ya rame, ko idona ne. Barau ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ya ce ya yi kuskure, ƙuruciya ce da zafin kai, a yafe mashi. Ya faɗi abin da ya zo da shi.

Alhaji ya saurare shi har ya gama. Ya ce,

“Na yafe maka, ɗana. Har ga Allah. Da ba don kai ba da na sayar wa wani da aibin da ban sani ba, in je lahira da shi. Wannan ka yi mani alheri.”

Na ji Barau ya sauke numfashi.

“Amma motar na sayar.”

Ya ce wani direba ne, Bilya, ɗan Faskari, ya zo shi kaɗai ya yi sallama suka zauna nan inda muke. Kafin ya buɗe baki Alhaji ya zayyana mashi komai: kuloci, shokozoba, tayoyi, filar da ke fikafiki, waldar da ke ƙasa. Ya sa Nasir ya buɗe waya ya nemo mashi irinta da ake talla, suka duba tare. Suka ɗauki na tsakiya, suka cire ragin da ake yi, suka cire gyara, suka cire na buguwa.

“Yadda ka yi lissafinka haka na bi, ban canza komai ba. Ka iya ciniki.”

Ni da bakina na tambaya, don na san Barau ba zai iya ba. “Nawa aka sallama, Alhaji?”

“Biyu da ɗari huɗu.”

Barau ya ɗago kai. “Baba, ai ni na taya da rabi.”

“Ka taya.” Ya dubi Barau. “Na so a ce kai ne, saboda kawunka. Na yi ta tunani. Amma in na ba ka ita, duk ranar da ka shigo garin nan da fasinja, mutanen da ke zaune ranar za su ce ga motar, ga yaron. Nasir har yau bai koma zama ƙofar gida ba. Ni ma sai jiya na fita.”

Ya karɓi goron, ya sa albarka, ya rako mu har bakin hanya kamar yadda ya saba yi mani. Masararsa ta bana ma ni na ɗauka, bai taɓa tayar da zancen ba.

Ƙarshen wata Barau ya kai makulli. Kuɗin bai zauna ba, kuɗi ai ba ya zama: ya sayi babur da wani kaso, ya mayar wa matarsa nata, sauran yana nan yana jiran motar da har yau ba a samu ba, farashi kuma kullum gaba yake yi. Yanzu acaba yake, yana ɗauko mutane daga ƙauyuka ya kawo su tasha.

Abin da ya fi ci mani rai, Bilya layin Faskari zuwa Kankara yake yi. Ranar kasuwar da ta wuce ina da buhunan da za a kai Faskari, na je tasha, motar ce ke kan layi. An sa mata sabbin tayoyi, an saita ƙafa, tana tsaye daram. Ina cikin ciniki da 'yan kamasho sai ga Barau ya shigo da wata tsohuwa a bayan babur, da ƙullin kayanta. Ya sauke ta, ya ɗauki ƙullin da kansa ya kai but ya gyara mashi wuri. Bilya sabo ne a layin, bai san shi ba, ya ce, “Sannu mai babur, a ƙaro mana wasu.”

Barau ya ce to. Ya rufe but ɗin a hankali da hannu biyu, ya hau babur ɗinsa ya koma neman fasinja.